Wane irin allon suna ya dace da bidiyon da za a kalla a waya?

Wani ƙanena a sana'a, mai haɗa bidiyo a wajen Titin Gidan Zoo, ya turo mini hirar da ya ɗauka a Kantin Kwari. Ya ce, "Yaya, duba mini wannan. Mai aikin ya ce ba a ganin sunansa, ni kuwa a kwamfutata ga shi ɓaro-ɓaro." Na buɗe a wayata. Ɗan kasuwa ne sanye da farar shadda, bayansa atamfa jere har sama, kowace turmi da irin zanenta. Sunan fari ne, siririn rubutu, an ajiye shi can ƙasa. Rabinsa ya narke cikin farar rigar, sauran rabin kuma rubutun da manhajar da ake kallo a ciki take ɗorawa a ƙasan bidiyo ya hau kansa. Mutumin ya bar ciniki ya tsaya ya yi magana ta minti uku, amma mai kallo bai san ko wanene ba.

Ƙanen nawa yana tsakanin hanyoyi huɗu: ya bar rubutun tsirara ya zagaye shi da baƙin layi, ya sa masa allo mai duhu wanda ake ɗan hango bayansa, ya sa allo rufaffe ruf, ko ya sauke tamfulet mai motsi, wato shiryayyen allon suna da wani ya riga ya tsara. Na san masu edita da yawa suna cikin wannan ruɗanin, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake auna su.

Ma'aunan da nake dubawa

Na farko, kuma babbansu, shi ne karantuwa a kan mafi munin abin da zai iya giftawa bayan rubutun. Ba hoton da ka tsayar ka ga ya yi kyau ake dubawa ba. Ana duba daƙiƙar da farar riga ta motso ƙarƙashin farin rubutu, ko a daidaita sahu ya gifta ƙarƙashin rubutu ruwan ɗorawa. Akwai awon da masu tsara shafukan intanet suke amfani da shi, wanda ke cikin ƙa'idojin WCAG: bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Fari a kan baƙi 21 ne bisa 1, iyakar awon ke nan. Ni 4.5 nake riƙewa ko da haruffan manya ne, domin mai kallonmu sau da yawa yana tsaye ne a rana, hasken wayarsa a rage don tattalin caji.

Na biyu ɗorewa, wato ko sunan zai rayu bayan an matse bidiyon. Kowace manhaja tana rage nauyin abin da aka ɗora mata, kuma idan aka sauke aka sake turawa ta WhatsApp, daga wannan zaure zuwa wancan, ingancin yana ƙara zubewa. Sai kuɗi, sai sauƙin aiki, sai haɗarin da ke ɓoye a kowace hanya.

Amma kafin a zo kan waɗannan, akwai maganar wuri, kuma ita ta shafi duka huɗun.

Inda allon zai zauna

Masu edita suna kiran abin lowa-tad, ma'ana kashi na uku na ƙasan hoto. Kalmar daga talbijin ta samo asali, kuma a can ta dace. A bidiyon da yake kwance, mai faɗin fiksel 1920 da tsawon 1080, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigogin da suke haɗa hoto, ƙa'idar masu watsa shirye-shirye ta yanzu ita ce a bar kashi 5 cikin ɗari a kowane gefe babu rubutu, wato fiksel 96 hagu da dama, 54 sama da ƙasa. Idan ka kunna Safe Margins a manhajar edita ta Premiere Pro, layukan da za ka gani irin wannan tunanin ne: akwati a tsakiya, daidai wa daida ta kowane ɓangare.

A bidiyon tsaye, mai faɗin 1080 da tsawon 1920, wannan akwatin ba ya kare ka. Shawarar da kamfanin Meta yake ba masu talla a Reels ita ce a bar kusan kashi 14 a sama, kashi 35 a ƙasa, da kashi 6 a kowane gefe babu rubutu ko tambari. Duba wannan 35 ɗin da kyau: ya zarce kashi ɗaya bisa uku. Ke nan gaba ɗaya wurin da aka saba ajiye suna ya zama na manhaja, nan take sa sunan mai shafi, bayanin bidiyo da sunan sauti. A lissafi, kashi 35 na 1920 fiksel 672 ne, don haka gindin allonka kada ya wuce fiksel 1248 idan ka ƙirgo daga sama. Sama kuma a bar kimanin 270. TikTok ma haka tsarinsa yake, rubutu a ƙasa da jerin maɓallai a dama, kuma idan bayanin bidiyon ya yi tsawo yana ƙara hawowa sama.

Gefe kuma yana da tasa matsalar. Yawancin wayoyin da za ka gani a hannun mutane a Farm Centre, su Tecno da Infinix da itel, fuskarsu ta fi 9 bisa 16 na bidiyon tsaye tsawo, da yawa 9 bisa 20 ce. Idan manhaja ta ja bidiyo don ya cika irin wannan fuskar daga sama har ƙasa, abin da zai rage a faɗi fiksel 864 ne cikin 1080. An yanke 216 ke nan, 108 ta kowane gefe. Ba kullum yankan yake kai haka ba, amma na sha ganin "Alhaji" ya koma "haji". Saboda haka ni nakan bar 110 a hagu, 150 a dama saboda maɓallan. Abin da ya rage mini faɗin fiksel 820 ne.

Hanya mafi sauƙi ta kiyaye wannan ita ce ka zana hoto ɗaya mai girman 1080 da 1920, tsakiyarsa wayam, gefunan da aka hana kuma ka shafa musu ja. Ka riƙa ɗora shi a saman aikinka yayin da kake jera rubutu, ka cire shi kafin ka fitar da bidiyon. Aikin minti goma ne, sau ɗaya.

Hanya ta farko: rubutu tsirara mai baƙin layi a gefe

Wannan ita ce kowa yake fara yi, domin a CapCut ko KineMaster taɓawa biyu ce: ka rubuta sunan, ka kunna Stroke ko Shadow. Ba ta cin ko kwabo, ba ta rufe hoto, kuma a kan bango lafiyayye, kamar hira a ofis ko a gaban katanga, tana da tsabta.

A gaban atamfa kuwa labari ya sha bamban. Baƙin layin yana raba harafi da abin da ke manne da shi ne kawai. Tsakanin harafi da harafi, da cikin ramin "a" da "o", zanen atamfar yana nan yana leƙowa, kuma idon mai kallo sai ya yi ta tsince haruffa daga cikin furanni. Idan ka ƙara wa layin kauri don ka magance haka, sai wata matsalar ta taso wadda mu masu rubuta Hausa ta fi shafa: lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce, layi mai kauri yana cike ta. Ƙofar Mata sai ta koma Kofar Mata, "ɗan" ya koma "dan". A harafi mai girman fiksel 56, idan layin ya wuce fiksel 4 ko 5 na fara ganin wannan.

Wajen ɗorewa ma ita ce mafi rauni. Idan bayan rubutu yana ta motsi, matsewar bidiyo tana barin wani ƙura-ƙura a gefen haruffa, kamar sauro ya yanyame fitila. Inuwa mai laushi kuma ita ce farkon abin da yake wargajewa ya zama dabbare-dabbare.

Hanya ta biyu: allo mai duhu da ake hango bayansa

Nan ne ya kamata a daɗe, domin ita ce aka fi yi kuma ita aka fi ɓatawa. Ana shimfiɗa baƙin allo a bayan farin rubutu, a rage masa kauri ta wurin da aka rubuta Opacity, yadda hoton baya zai riƙa ɗan bayyana. Tambayar ita ce nawa za a sa.

Mafi yawan masu edita suna sa 30 ko 40, saboda a ido ya fi kyau, kuma a kan bango mai duhu yana aiki. To amma mu koma kan farar shaddar can. Idan baƙin allo mai kashi 30 ya hau kan fari tas, abin da yake fitowa toka ce mai haske, kuma bambancinta da farin rubutu bai fi 2 bisa 1 da ɗan kaɗan ba. A 40 ya kusa 3. A 50 ya kusa 4, har yanzu bai kai ba. Sai a wajen 54 ne yake taɓa 4.5. A 60 yana kai 5.7, a 70 kuma ya haura 8. Ka ga ke nan duk abin da bai kai 55 ba ado ne kawai idan fari zai gifta, mu kuwa a Kano fari ba ya rabuwa da hotonmu: rigar Juma'a, rawani, hasken rana a kan kwano. Ni 70 nake sawa a waje, 60 a cikin ɗaki.

Akwai wani amfani na biyu. Allon ba duhu kawai yake ƙarawa ba, yana kwantar da zanen da ke baya. A kashi 70, bambancin da ke tsakanin jan fure da farin filin atamfa ya ragu sosai, sai ya zama kamar inuwa, ido ba ya tsayawa a kansa. Wannan ne kuma yake taimaka wa rubutun ya tsira bayan matsewa.

Kuɗi babu, kuma a CapCut ana samunsa ta Background a cikin salon rubutu. Haɗarinta biyu. Ɗaya, wanda na faɗa, kwaɗayin rage duhun. Na biyu, a matse allon a jikin haruffa babu wurin numfashi. A bar aƙalla fiksel 24 tsakanin rubutu da bakin allo ta kowane gefe, in ba haka ba zanen baya yana taɓa harafin farko da na ƙarshe.

Wasu maimakon allo sukan yi duhu mai tasowa daga ƙasa yana dusashewa a hankali. Yana da kyau a bidiyon kwance. A na tsaye kuwa, tunda sunan ya hau kusan tsakiyar hoto, sai ka duhunta fiye da sulusin bidiyon kafin duhun ya iso inda kake buƙatarsa.

Hanya ta uku: allo rufaffe

Launi ɗaya, babu abin da ake hangowa. Ba ruwansa da abin da ke baya, ko Hawan Daushe ne da dawakai da ƙura da alkyabba kala-kala. Fari a kan shuɗi mai duhu irin na baban rini, misali launin da lambarsa `#1A237E`, yana ba da kimanin 13 bisa 1, kuma haka zai zauna daga farkon daƙiƙa zuwa ƙarshe. Wajen ɗorewa babu kamarsa, domin fili mai launi ɗaya da ba ya motsi shi ne mafi sauƙin abu ga matsewar bidiyo.

Abin da ake ƙi masa shi ne yana rufe hoto. Gaskiya ne, amma a auna: allo mai faɗin 820 da tsawon 160 bai wuce kashi 6 da ɗan ɗoriya na fuskar bidiyon ba. Matsalar ba girmansa ba ce, inda ya faɗa ne. Idan mai magana yana nuna wani abu da hannu a daidai ƙirjinsa, kamar maɗinki yana nuna aikin wuyan riga, allon zai haɗiye abin da ake magana a kansa.

Haɗarinsa na gaskiya launi ne. Da zarar an ba mai edita damar zaɓar launi, sai ka ga ja a kan shuɗi, ko kore a kan ja, saboda launin tambarin mai aikin ke nan. Bidiyon da muke turawa yana ajiye bayanin haske a kowane fiksel, amma bayanin launi ɗaya ne ga kowane fiksel huɗu. Don haka rubutun da launi kaɗai ya raba shi da bayansa, ba haske ba, gefensa yana jiƙewa kamar tawada a kan takarda mai laima. Gwajin da nake yi: na mayar da hoton baƙi da fari. In har sunan ya karantu a haka, launin ya yi. In mai aiki ya nace kan launinsa, nakan sa shi a siririyar sanda a gefen hagu na allon, rubutun kuma ya zauna fari.

Hanya ta huɗu: tamfulet mai motsi

Ba zan ja da tsawo ba. Yana burgewa, kuma mai aiki yakan ji an yi masa aiki mai tsada. Akwai na kyauta, akwai waɗanda sai da rajistar wata-wata da ake biya da dala, wasu kuma ba sa buɗuwa sai da After Effects da kwamfuta mai ƙarfi. Galibinsu don bidiyon kwance aka zana su, suna zaune a kusurwar ƙasa ta hagu, da siraran haruffa, kuma motsin shigowa da fita yana cinye daƙiƙun da ya kamata a yi karatu a cikinsu. Mafi muni, salon haruffan da suke zuwa da shi sau da yawa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Ko dai ka ga wani ɗan akwati a gurbin harafin, ko manhajar ta aro shi daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Noto Sans yana da su, haka Andika, kuma duka biyun kyauta ne. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta "Ɗanɗano, ƙarfi, ɓera" ka duba manya da ƙanana.

| | Karantuwa a hoto mai hayaniya | Ɗorewa bayan turawa | Kuɗi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rubutu mai baƙin layi | Rauni | Rauni | Babu | Sosai | Lanƙwasar haruffa ta toshe |
| Allo mai duhu 60 zuwa 70 | Mai kyau | Mai kyau | Babu | Sosai | A rage duhun ƙasa da 55 |
| Allo rufaffe | Mafi kyau | Mafi kyau | Babu | Sosai | Mugun haɗin launi, rufe hannu |
| Tamfulet mai motsi | Ya danganta | Matsakaici | Kyauta ko rajista | Sai da gyara | Rashin ƙ, ɗ, ɓ da zama a ƙasa |

Yadda muka gyara hirar Kantin Kwari

Mun ɗauki hanya ta biyu, domin atamfar tana cikin labarin, ba ma son a rufe ta ruf. Baƙin allo a kashi 70, ya fara daga fiksel 110 a hagu, faɗinsa 820, samansa a 1080, gindinsa a 1240. Sunan da Noto Sans Bold mai girman 56, sana'arsa a layi na biyu da girman 38, ita ma fari, ba toka ba.

Sai muka ci karo da tsawon suna. Bayan an cire fiksel 24 na kowane gefe, saura 772. Harafi mai kauri a girman 56 yana cin kusan fiksel 30, ke nan layi yana ɗaukar haruffa kamar 25 har da tazara. Sunan mutumin da Alhajinsa da sunan mahaifi da na unguwa ya kai 31. Ƙanena ya so ya ƙanƙantar da rubutun ya shiga layi ɗaya. Na hana shi, ga dalili: waya mai inci 6.5 faɗin fuskarta bai kai santimita 7 ba, don haka girman 56 a kanta kimanin milimita 3 da rabi ne, 38 kuma bai kai 2 da rabi ba. Babu sauran abin ragewa. Cire "Alhaji" kuma ba abin da za mu yanke da kanmu ba ne. A garin nan laƙabi da sarauta mutunci ne, kuma wanda ya ga an guntule masa suna ba zai sake tsayawa gaban kyamararka ba. Sai ƙanena ya buga masa waya ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane suna aka fi saninka a kasuwa?" Ya ba shi gajere, da Alhajin a ciki, haruffa 22. Sunan unguwar ya sauka layi na biyu tare da sana'ar.

Allon ya shigo a daƙiƙa ta biyu, bayan an ga fuskarsa, ya tsaya daƙiƙa shida. Awon da nake bi shi ne in karanta duk abin da ke kai a bayyane sau biyu ba tare da gaggawa ba. Wani abin da muka lura shi ne haɓar mutumin tana wajen fiksel 950, don haka allon ya zauna a ƙirjinsa daidai. Da mai ɗauka ya sa fuskar a tsakiyar hoto, da allon ya hau bakinsa. Ke nan aikin allon suna tun a wajen ɗauka yake farawa: a ɗaga fuska zuwa rabin sama.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfuta muka yi shi ba. Mun tura bidiyon ta WhatsApp zuwa wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, muka rage haskenta zuwa rabi, muka fita bakin titi da rana tsaka, muka miƙa wa mai shayin da ke gefe. Ya karanta sunan tun kafin allon ya ɓace.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan hirarrakinka a ɗaki kake yinsu, bango ɗaya, haske a hannunka, kuma mai magana ba ya sanye da fari, rubutu mai siririn baƙin layi ya ishe ka.

Idan aikinka na titi ne da kasuwa da wajen biki, kuma abin da ke bayan mutum yana cikin labarin, ɗauki allo mai duhu, 70 a waje, 60 a ciki. Wannan hanyar nake ba duk wanda yake edita a waya kuma yake fitar da bidiyo kullum.

Idan sanarwa ce, ko labarai, ko karatun malami da ka san za a yi ta turawa daga waya zuwa waya har ingancinsa ya ragu, ko kuma taro irin na hawan sallah inda ba ka da iko da abin da zai gifta, allo rufaffe ne naka, fari a kan launi mai duhu.

Tamfulet kuma ya dace da mai shiri na dindindin a YouTube, bidiyon kwance, wanda zai iya zama ya sauya salon haruffan ya kuma ƙara musu girma. A nan akwai lissafin da ake mantawa: mai kallo da yawa ba ya juya wayarsa, don haka faɗin 1920 ne yake matsuwa cikin waɗannan santimita 7 ɗin. Girman 56 sai ya koma milimita 2. Kafin sunan ya kai girman da yake da shi a bidiyon tsaye, sai ka kai shi wajen fiksel 100. Idan kuma daga wannan bidiyon za ka yanko guntaye na tsaye, ajiye kwafi guda da babu rubutu a kansa, ka sake ɗora sunan a inda ya dace da tsayen.